Tsohon manajan banki yana neman kujerar akawu, in ɗauke shi?

Assalamu alaikum. Ni ce shugabar sashen ma'aikata a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano. Mun yi tallar gurbin mataimakin akanta, aikin shigar da rasit da haɗa lissafin kuɗin da direbobi ke kawowa, albashi naira dubu 130 a wata. Cikin waɗanda muka kira intabiyu akwai wani bawan Allah mai shekara 47, ya yi shekara 16 a banki har ya riƙe manajan ayyuka na reshe, yana da digiri na biyu. An sallame su ne da aka rage ma'aikata. Ya fi kowa amsa tambayoyi, nesa ba kusa ba. Amma akantanmu, wanda shi ne zai zama shugabansa, shekararsa 31, ya ce kada a ɗauke shi, wai wata uku zai yi ya gudu. Mai kamfani ya ce in yanke hukunci, amma in ya tafi ni zan amsa. Ta biyu a jerin wata yarinya ce da ta gama hidimar ƙasa, ba laifi tana da ƙoƙari. Cikin shekara uku mutum biyu suka riƙe kujerar nan suka tafi, ba na son na uku. Amma kuma raina bai kwanta da in mayar da mutum don kawai ya fi mu ilimi ba. Ya zan yi?

Wata mai karatu, daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rashin kwanciyar ran nan naki kada ki kore shi, yana da dalili. An ɗora miki hukunci a kan abin da bai faru ba tukuna, an kuma ce in ya faru laifinki ne. Duk wanda aka sa a wannan matsayi zai karkata ga zaɓin da ba za a zarge shi ba, ko da ba shi ne ya fi amfani ga kamfani ba. Shi ya sa nake son mu fara raba abubuwa biyu da suka cakuɗe a teburinki. Ɗaya shi ne ko mutumin zai iya aikin kuma zai zauna lafiya da mutanen ofis. Ɗayan shi ne ko zai daɗe. Na farko ana iya gwada shi a gani da ido cikin awa guda. Na biyu hasashe ne, kuma hasashe ba ya zama hujja don kawai an faɗe shi da ƙarfi.

Bari in fara da hasashen, tunda shi ya hana ki barci. Lissafin da kika ba ni da kanki ya nuna, in aka raba daidai, kujerar nan ba ta riƙe mutum fiye da shekara ɗaya da rabi. Waɗanda suka tafi ɗin nan, ina kyautata zaton ba masu digiri na biyu ba ne, matasa ne daidai da gurbin. Ke nan ba da ma'aikacin da zai yi shekara goma za ki auna wannan bawan Allah ba, don irin wannan ma'aikacin bai taɓa zama a kujerar ba. Da shekara ɗaya da rabi za ki auna shi. Ita ma yarinyar da ta gama hidimar ƙasa ba ta sa hannu kan cewa za ta tsufa a wurinku ba. Tana cike fom na aikin gwamnati, tana duba tallar bankuna, ƙila tana shirin komawa karatu, kuma tana da gaskiya. A kasuwar aiki ta yau ma, wadda manyan kamfanoni kan rubuta iyakar shekaru a tallarsu, ƙofofin da ke buɗe wa mai shekara 25 sun fi waɗanda ke buɗe wa mai 47 yawa. Tun da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, ga rage ma'aikata da ake yi nan da can, tsofaffin ma'aikatan banki masu neman abin yi ba su da wuyar samu. Wanda kuke ganin zai gudu cikin wata uku, mai yiwuwa ne ya shekara yana nema bai samu inda zai gudu ba.

Yanzu ki ɗauki biro ki sa wa tsoron farashi. A ce ya tafi bayan wata takwas. Me kuka yi asara? Za ku sake talla, mutum uku za su ɓata kwana biyu suna intabiyu, kujera za ta zauna babu kowa kamar wata guda akanta yana haɗa aiki biyu, sabon da zai zo kuma zai yi wata biyu yana koyo, yana fitar da rabin aiki. In kika tara wannan, bai wuce kwatankwacin albashin wata biyu zuwa uku ba, wato tsakanin naira dubu 260 da dubu 390. Ki ajiye wannan a gefe guda. A ɗaya gefen ki tambayi akanta nawa ne kuɗin da ya kasa daidaita a bara tsakanin abin da direbobi suka ce sun karɓo da abin da ya shiga asusu. Ke kin fi ni sanin harkar kasuwar Singa: katan guda na wasu kayan ya haura dubu 20, kuma alat ɗin bogi guda ɗaya da ya wuce ba a gano ba ya isa ya cinye albashin akawu na wata biyu. Idan mutumin da ya yi shekara 16 yana rufe lissafin reshe kullum da yamma ya toshe muku wannan ɓaraka cikin wata takwas, ya biya kuɗin tafiyarsa tun kafin ya tafi. Idan kuwa lissafinku tsaf yake, babu abin da ke zuba, to ƙarin iliminsa ba zai sayo muku komai ba, sai ki ba daɗewa nauyi fiye da haka. Wannan takardar lissafin ita za ki kai wa mai kamfani, domin hukuncin ya zama an yanke shi a kan alƙaluma, da saninsa.

Sai dai kada amsoshinsa a intabiyu su ruɗe ki. Manaja dole ya iya magana, aikinsa ke nan shekara da shekaru. Abin da ban sani daga wasiƙarki ba, kuma ke ma ba ki gani ba tukuna, shi ne hannunsa. Wanda ya kai manajan ayyuka yakan yi shekaru bai shigar da rasit da kansa ba, sa hannu yake yi a kan abin da yara suka shigar. Ga shi kuma banki na aiki da manhaja irin su Finacle ko Flexcube, wadda ba ta barin a rufe rana sai lissafi ya daidaita. Ku kuwa ƙila Excel ne da littafin direba mai maiƙon manja, da rasit ɗin da aka rubuta a kan gwiwa a bayan mota. Mutum zai iya fin ƙarfin kujera a takarda, ya kuma gaza mata a aikace. Wannan shi ne rashin dacewa na gaskiya, kuma ya fi guduwa haɗari, don wanda bai iya ba kuma bai tafi ba shi ne matsalar da ke daɗewa.

Don haka ki sake kiran su, shi da yarinyar, ki ba su gwaji iri ɗaya. Ki ɗauko rasit 40 na wata rana da ta wuce, a goge sunayen kwastomomi, a haɗa da takardar bayanin asusu ta banki ta wannan ranar, a ba kowa minti 45 a kan irin kwamfutar da zai yi aiki da ita. Ki dasa kurakurai uku da gangan: rasit guda da aka maimaita, tiransifa guda da direba ya rubuta amma ba ta shiga asusu ba, da adadi guda da aka juya, misali 54,300 aka rubuta 45,300. Bambancin nan 9,000 ne, kuma duk wanda ya goge a lissafi ya san in bambanci ya rabu da tara ba saura, to a fara zargin an juya lambobi biyu. In ya gano wannan cikin minti biyar, hannunsa bai mutu ba. Ki kuma duba abin da ba a rubutawa: ya gama shigar da duka 40 ɗin, ko ya tsaya a na 15 ya fara yi muku bayanin yadda ya kamata a sake tsarin kamfani gaba ɗaya? Aikin nan maimaici ne, yau rasit gobe rasit. Wanda minti 45 ya gundura, wata shida zai kashe shi.

Akwai wani ɗan abu da nake so ki saka a cikin gwajin. Ki sa akantan ne zai miƙa musu aikin, shi zai karɓa, kuma ya yi wa kowannensu gyara guda na gaskiya a kan tsarin gidan, misali cewa a nan ana fara rubuta lambar mota kafin sunan kwastoma. Ke ki zauna gefe ki kalli fuskar dattijon. Ya ce to ya gyara? Ya tambayi dalili cikin ladabi? Ko ya yi murmushin nan na wanda yaro ke koya wa abin da ya sani? Nan za ki ga amsar tambayar da ba za ki iya yi masa kai tsaye ba.

Maki kuma kowa a kwamitin ya rubuta nasa shi kaɗai kafin a buɗe baki a tattauna, kuma a kan abubuwan da kuka rubuta a tallar aikin. Kada a rage wa kowa maki a layin iya aiki saboda tsoron zai tafi. Tsoron a ba shi layinsa daban, a rubuta hujjarsa a gabansa. In aka cakuɗa su, sai a wayi gari an ba mutum 6 cikin 10 a abin da ya ci 9, ba wanda zai iya faɗin inda ukun suka tafi.

Mu dawo kan akantanku, don a ganina rabin matsalar tana wurinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Saurayi ne da ya gina matsayinsa a hankali, yanzu ana so a kawo masa wanda ya girme shi da shekara 16, wanda zai ga kowane kuskurensa tun kafin ya yi. A al'adarmu ma, aiken wanda ya kusa haifarka ya ɗauko fayil akwai nauyi. Da ya ce miki zai gudu, ina zargin abin da ke ransa shi ne kada ya zauna, mai gida ya fara tsallake shi yana kiran sabon. Ki kira shi ku biyu, ba a gaban kwamiti ba, ki tambaye shi a fili ko yana jin kujerarsa na rawa. In mai kamfani ba shi da niyyar sauya shi, a gaya masa hakan da bakin mai kamfanin, a kuma rubuta a takardar ɗaukar aiki cewa sabon ma'aikaci a ƙarƙashin akanta yake, ta hannunsa rahoto zai bi. In kuwa kika ga tsoronsa ya wuce na matsayi, yana ƙin duk wanda zai iya karanta littattafansa da idon gwani, to wannan wata magana ce daban, kuma ta odita ce. Ba ina cewa haka ne ba. Ina cewa ki lura da wane irin tsoro ne.

Shi ma mai neman aikin yana da haƙƙin a tambaye shi maimakon a yanke masa hukunci a bayan idonsa. Ki ce masa, Malam, takardunka sun fi wannan gurbi, albashin kuma ka ji shi, me ya sa kake so? Sannan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Amsar da ke da ƙafafu ita ce mai dalilin da ya shafi rayuwarsa: yana jinyar mahaifiya ba zai iya barin Kano ba, yana da gona ko shago da ke kawo wani abu yana son aikin da ake tashi ƙarfe biyar, ko ya gaji da neman kwastomomi da barazanar kora duk ƙarshen wata. Irin wannan mutum ya zaɓi ƙaramin aiki ne da idonsa biyu. Amsar da za ta sa ki yi taka-tsantsan ita ce wadda ba ta taɓa aikin kansa ba, sai batun yaushe ake ƙarin girma da yadda zai taimaka wa mai gida ya faɗaɗa kamfani. In kuma ya ce miki gaskiya, aiki nake nema kowane iri ne, iyali sun yi yawa, kada ki riƙe wannan a matsayin laifi. Ki bi shi da tambaya ta biyu: akwai wani wuri da kake jiran amsarsu yanzu, kuma in sun kira ka bayan wata huɗu ya za ka yi da mu? Wanda ya ce zan tafi amma zan ba ku notis in koya wa wani, ya fi mini wanda ya rantse ba zai taɓa tafiya ba.

Ku yi lissafin albashin tare, a takarda. Dubu 130 bai kai ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar dubu 70 a 2024. In kamfaninku na cikin tsarin fansho, dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 10. Ga kuɗin mota, wanda tun cire tallafin mai a 2023 ya zama babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci. Ki tambaye shi daga wace unguwa zai riƙa zuwa, ki faɗa masa abin da zai shiga hannunsa bayan an cire komai, ki ce wannan zai riƙe ka? Ba tozarci ba ne, don mutane da yawa kan karɓi aiki da jimillar albashi a kai, sai albashin farko ya shigo su ga abin da ya rage. Tunda kuma aikin na taɓa kuɗi ne, ki nemi takardar sallamarsa daga banki, ki kira mutum biyu da suka yi aiki da shi, ɗaya wanda ya shugabance shi, ɗaya wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Haka za ki yi wa kowa, ba shi kaɗai ba.

Akwai wani bincike da ya dace da halin da kike ciki. Berrin Erdogan da Talya Bauer sun wallafa shi a 2009, a kan masu sayar da kaya a shagunan wani kamfani a Turkiyya. Sun gano waɗanda ke ganin sun fi ƙarfin aikinsu sun fi sauran sayar da kaya, kuma rashin gamsuwa da barin aiki sun fi bayyana ne a inda ba a ba su ikon yanke komai da kansu ba. Inda aka sakar musu mara, wannan illar ta ragu ƙwarai. Abin da wannan ke nufi a ofishinku shi ne wani ɓangare na daɗewarsa yana hannunku. In kun ɗauke shi, a ba shi abu guda da zai zama nasa, misali daidaita lissafin banki na ƙarshen mako, ko tsara fom ɗin da direbobi za su riƙa cikewa, yana kai wa akanta ya duba. Amma a tsaya a nan. Na sha ganin an ɗauki irinsa a kujerar akawu, bayan wata biyu shi ne ke shirya takardun haraji, shi ne ke zuwa banki neman rance, albashi kuma yana nan a dubu 130. Wannan cin gumi ne, kuma shi ke korar mutum da sauri fiye da gundura. In aikin ya girma, suna da albashi su bi shi.

Game da ɗaure shi, kada ki yarda a riƙe takardun makarantarsa na asali ko a sa shi sa hannu kan biyan tara in ya tafi, alhali ba ku kashe kuɗin horar da shi ba. Mutumin kirki zai ƙi, wanda ya matsu zai karɓa yana riƙe da ku a zuci. Abin da ke kare ku shi ne notis. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta sa mafi ƙarancin notis ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba ya zama mako guda, amma kwantiragi na iya tsawaita shi. Ku rubuta wata guda ga kowane ɓangare, da lokacin gwaji na wata uku, da sharaɗin cewa zai rubuta matakan aikinsa a fayil tun watan farko. Da wannan, ko ya tafi, ba da aikin zai tafi a kansa ba.

Ba na so a manta da yarinyar a cikin wannan duka. Ƙaramin gurbi ƙofa ce ta shiga, kuma in manya suka cike ƙofofin, matasa ba su da ta inda za su fara. In ta gano kurakurai biyu cikin uku, ta gama rasit ɗinta tsaf, ɗaukar ta hukunci ne mai kyau da za ki iya karewa ko'ina. Akwai ma hanya ta uku in aljihun kamfani zai ɗauka: a ba ta gurbin na dindindin, shi kuma a ba shi kwantiragin wata shida a kan kuɗin da ya fi dacewa da shi, ya gyara tsarin karɓar kuɗi daga direbobi, ya koya mata. A nan tafiyarsa ba ta zama abin tsoro ba, don an sa mata rana tun farko, akanta kuma ba zai ji an kawo masa kishiya ba.

In kin tambayi inda na karkata, ga shi: in ya ci gwajin hannu, ya karɓi gyaran akanta ba tare da ɓata rai ba, dalilinsa kuma ya tsaya da ƙafarsa, ki ɗauke shi, ki kai wa mai kamfani takardar lissafin nan ya sa hannu a kai tare da ke. In ya faɗi a ɗaya daga biyun farko, ki ɗauki yarinyar da zuciya ɗaya. Sai dai in za ki sanar da shi, ki kira shi a waya da kanki, kada ki ce masa ya fi ƙarfin aikin, don ya ji wannan sau da yawa kuma ba ta nuna masa abin da zai gyara. Ki gaya masa cewa a gwajin rasit wata ta fi shi sauri, ko kuma kun ga zaman ƙarƙashin akanta zai yi masa wuya, sannan ki nemi izininsa ki ajiye lambarsa, ko ki miƙa takardunsa ga wani dillalin da kika san yana neman babban akanta.